Kwangilar yunifom saiti 300, kuma ni kaɗai ne a shago

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Wata makarantar kuɗi nan cikin gari ta neme ni in ɗinka wa 'yan firamarenta yunifom, saiti 300, farar riga da wando shuɗi mai duhu, maza da mata. Hijabi ba ya ciki. Mun tsaya a kan ₦9,500 kowane saiti, yadi da komai nawa ne. Za su ba da rabi kafin alƙalami, sauran sai na kai kaya. Sati biyar ya rage a koma makaranta. Matsalar ita ce ni kaɗai ne, keke ɗaya da injin wibin ɗaya, in na dage ina fitar da saiti biyar a rana. Na lissafa zan iya 150 da hannuna, 150 kuma in ba wani tela da na sani a Sabuwar Unguwa, ya ce in kawo yadi ya yanka ya ɗinka a kan ₦2,500. Ban taɓa ba da aiki waje ba. Abin da nake tsoro shi ne a kai kaya a ga hannu biyu, a ce Abdulhadi ya lalace. Ya kuke yi?

Nura Kat: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri mutumina. Ni dai shawarata kada ka ba kowa. Tela ba ya yi wa tela aiki da zuciya ɗaya. Ka karɓi 150 da za ka iya, ka ce masu su nemi wani ya yi sauran.

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Na gwada faɗa masu haka Nura. Suka ce mutum ɗaya suke so, don bara da suka raba wa teloli uku sai yara suka zo asambili da shuɗi kala uku. Ko in ɗauka duka ko in bari.

Musbahu Batagarawa: Oga ai kawai ka ɗebi yara huɗu ka ajiye a shago. Ni yarana shida, ko sallah ba na jin komai. Akwai ƙanena ma yana neman wurin koyo, sai in turo maka shi.

Nura Kat: Musbahu sati biyar fa aka ce. Yaron da zai koyi taka keke yanzu yaushe zai kafa kwala? Kuma keke ɗaya ne a shagon, a kan me za su zauna?

Baba Sani Daura: Salamu alaikum. Abdulhadi, ka karɓi aikin, amma lissafin da ka yi bai yi ba, kuma ta nan ake fara faɗuwa. Ka ce za ka ɗinka 150 saboda ka ninka biyar sau talatin. To wa zai je Kwari sayen yadi? Wa zai auna yara? Wa zai duba abin da wancan ya ɗinko, ya goge, ya sa a leda? Duk kai ne. Ranar da ka ba da aiki waje ka tashi daga tela ka koma mai lura da tela, kuma lura tana cin lokaci kamar yadda ɗinki yake ci.

Mu ɗauki kwana talatin ɗin nan naka, in ka cire kwana ɗaya kowane sati. Awo, zuwa Kano, yin samfur da kwalin da za ka riƙa ɗorawa kan yadi kana yanka, ka ba su kwana huɗu. Yankan saiti 300, kwana shida, in kana shimfiɗa yadi biyar-biyar ko shida-shida. Dubawa da guga da ɗauri, kwana biyar in ka haɗa su wuri ɗaya. Sai ka ware kwana huɗu na ƙarshe ka ce babu su, na gyara ne da rashin wuta da zazzaɓi. Saura nawa? Sha ɗaya. Saiti 55 kenan, mu ce 60 in ka ƙara da dare. Ashe abin da za ka fitar waje 240 ne, ba 150 ba, kuma mutum ɗaya ba zai iya maka shi ba. Mutum biyu kake nema.

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Baba Allah ya ƙara girma. Amma ai yankan nan da ka sa mani kwana shida, shi ya ce zai yanka nashi da kanshi. In na bar mashi na samu kwanaki.

Baba Sani Daura: Nan ne wurin da nake so ka tsaya. Kome za ka ba da waje, kada ka ba da almakashi. Abin da ke sa a ga hannu biyu a yunifom ba taka keke ba ne, yanka ne. Kowane tela da irin faɗin da yake bari, da yadda yake zagaye hammata, da zurfin hantsar wando. Ka ba mutum biyu awo ɗaya, su yanka, za ka samu riga biyu daban, kuma kowa zai rantse ya bi awo. Amma in kai ka yanka, ko bai kai ka hannu ba rigar za ta fito da siffarka.

Na biyu, yadi. In ka ba shi yadi a dunƙule ya ce bai isa ba, da me za ka musa? Ba ma sai ya ci amana ba, wani shimfiɗarshi ce ke da ɓarna. A saiti ɗaya ya zubar da kwata na yadi, a saiti 240 ka yi asarar yadi sittin. Amma in yankakke ka kai mashi, goma ka ba shi goma zai dawo maka da su, babu zancen ƙyalle.

Ga yadda nake yi. Ba na yi wa yaro ɗari uku awo ɗari uku. Ina zuwa makarantar da tef, in ɗauki ƙirji da tsawon riga da ƙugu da tsawon wando, in dawo in kasa su girma shida. Kowane girma in fitar mashi da kwalinshi, irin kwalin katan mai kauri, in rubuta lamba a jiki. Za ka samu yara kamar goma sha biyar ko ashirin da ba su shiga ko'ina ba, wani dogo siriri, wani mai jiki. Waɗannan su ne naka, su za ka fara sawa cikin sittin ɗinka. Sauran in yanka, in ɗaure goma-goma: gaba, baya, hannu, kwala da gam ɗinta a manne, aljihu, robar ƙugu a yanke daidai tsawonta, maɓallai a ƙirge, zare. Ko zare kada ka bari ya sayo, don farin zare ma fari-fari ne. A kan kowane ɗauri takarda: girma, adadi, ranar da ya fita, ranar da zai dawo, sunan wanda ya karɓa. In ka yi haka ₦2,500 ɗin nan sai ta sauko, domin ka ɗauke mashi rabin wahala. ₦2,000 adalci ne.

Malama Hadiza Layout: Ni ba tela ba ce, mai ɗinkin gida ce ta sa ni a nan, amma ina koyarwa kuma ni ke karɓar yunifom a makarantarmu. Maganar shuɗi kala uku da aka faɗa maka, Malam Abdulhadi, ba dole sai teloli uku ba. Mun taɓa samun tela ɗaya ya kawo wando, ƙafar dama da ta hagu ba kala ɗaya ba. A cikin ɗaki ba ka gani, sai yaro ya fita rana.

Baba Sani Daura: Gaskiya ne Malama. Bandir biyu ne aka haɗa. Suna ɗaya, shago ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ba tukunyar rini ɗaya ba. Abdulhadi, yadinka ka saye shi duka rana ɗaya, wurin mutum ɗaya. Kafin a ɗaure, ka yanko ɗan ƙyalle daga kowane bandir, ka fita waje ka jera su a rana. Wanda ya bambanta ka mayar tun kana wurin. Ka kuma sa wa kowane bandir lamba da alli, wando ɗaya kada ya fito daga bandir biyu. Da ka iso gida ka yanki inci goma faɗi da tsawo, ka wanke da omo, ka shanya, ka sake aunawa. In ya shige, ka san abin da za ka ƙara a kwali kafin ka taɓa sauran. In ya zuba, ka tsaya, kada ka yanka ko yadi ɗaya.

Nura Kat: Baba duk wannan na yarda. Amma ina kan bakana, wanda ka ba aiki ba zai yi kamar kai ba. Kai suna kake karewa, shi adadi yake bi. Ya san kowane saiti ₦2,000 ne, to zai buɗe tazarar ɗinki ya yi ta gudu.

Baba Sani Daura: Zai yi, in ba ka faɗa mashi abin da za ka duba ba. "Ka yi mai kyau" ba magana ba ce, kowa a wurinshi mai kyau yake yi. Ka ɗinka samfur uku da hannunka. Ɗaya ka kai makaranta, shugaba ya duba ya sa hannu da biro a cikin ƙugu, ka riƙe. Biyu ka ba masu ɗinkin, kowa ya rataye gaban kekenshi. Sannan ka rubuta abin da ake aunawa da tef: ɗinki goma zuwa sha biyu a inci ɗaya, allura lamba 14 a riga, 16 a wando, wibin a duk gefen ciki, hantsa a bi ta sau biyu, bakin aljihu a koma baya a ɗaure shi, kalmasar ƙafa inci ɗaya da rabi don yaro yana girma, awo kada ya kauce fiye da rabin inci. Wanda ya buɗe tazara, ka ɗora tef ka ƙirga a gabanshi, bakwai ne ko goma. Ba sai an yi faɗa ba.

Kuma kada ka ba mutum ɗauri sha biyu don kun saba gaisawa. Ka nemi uku, kowa ka ba shi saiti uku na gwaji, ka biya shi cikakken kuɗi, ka ce gobe da la'asar. Abu biyu kake dubawa, hannu da alkawari. Wanda ya kawo jibi da uzuri a kan saiti uku, ka riga ka ga yadda zai yi da ɗari. Ka je shagon ma da ƙafarka ka ga kayan mutane nawa ke rataye. In ya cika da ɗinkin biki, naka ne zai riƙa turawa gefe, don mai biki yana tsaye a kanshi kai kana Ƙofar Marusa.

Maman Khalifa Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum. Ni ina cikin waɗanda ake ba irin wannan aikin, a gida nake ɗinki, to bari in faɗi namu ɓangaren tunda duk maganar ta zama yadda za a kama mu. Baba, da girmanka, abin da ke lalata aikin sau da yawa daga mai ba da shi ne. A kawo maka ɗauri ba hannun riga ɗaya, ko roba ta tara a wando goma. Ka kira, ba a ɗauka. Ka zauna kwana biyu, sannan a zo a ce ka makara. Ko a bar ka sati guda ba aiki, ran nan a jibgo maka hamsin a ce jibi. Sai kuma babbar: ka gama, a ce makaranta ba ta biya ba, ka yi haƙuri. Ni ban san makaranta ba, kai na sani. Akwai wanda har yau yake riƙe mani kuɗin saiti arba'in tun bara, in mun haɗu sai ya ce Hajiya ana nan ana bi.

Baba Sani Daura: Kin faɗi gaskiya 'yata, kuma ita ce maganar da zan zo kanta. Abdulhadi, ɗauko biro.

Kuɗin aiki ₦2,850,000, rabi ₦1,425,000. Nawa ka ga yadi?

Abdulhadi Ƙofar Marusa: An ce mani ₦1,700 in zan ɗauki da yawa. In an haɗa manya da ƙanana, yadi uku ne saiti.

Baba Sani Daura: To yadi 900, ka ƙara 45 na tsaro, don in hannu ya lalace ba za ka koma Kano neman irin rinin ba. 945 kenan, ₦1,606,500. Zare, maɓalli, roba, gam da baje, ka sa ₦600 a saiti, ₦180,000. Jimla ₦1,786,500. Kafin alƙalaminka ko kaya bai saya ba, ya gaza da ₦361,500, kuma ba ka biya mai ɗinki ko sisi ba. Ladan saiti 240 kuma ₦480,000 ne, a cikin sati uku da 'yan kwanaki za a neme shi. Ka ga inda kuɗin Maman Khalifa ke maƙalewa? Ba kullum mugunta ba ce, tun ranar ciniki aka yi kuskuren.

Ka koma ka nemi kashi 70, ₦1,995,000. Bayan kaya zai bar maka ₦208,500, ladan saiti ɗari da 'yan kai. Sannan ka ce za ka kai kaya kashi biyu, in ka kai 150 na farko su ba ka rabin abin da ya rage. Da wannan za ka ƙarasa biyan mutanenka ba ka ci bashi ba. In sun ƙi duka biyun, kuma ba ka da kamar dubu ɗari takwas da hamsin naka da za ka zuba ka jira, ka bar aikin. Nan kam zan bi Nura.

Musbahu Batagarawa: Kai! To ribar nawa ce ma a ƙarshe? Ni na ga kamar wahala za ka yi wa wasu.

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Na buga yanzu. Bayan yadi da tarkace kowane saiti yana barin ₦3,800. Nawa 60, ₦228,000. Na waje 240, bayan na biya ₦2,000 saura ₦1,800, ₦432,000. Duka ₦660,000. In na cire yadin tsaro ₦76,500, da mota zuwa Kano, da kurkura kai kaya da ɗaukowa, da mai, da leda, ina ganin zai tsaya wajen dubu ɗari biyar. Ya fi abin da nake samu a wata irin wannan nesa ba kusa ba, don bayan sallah shago shiru yake.

Baba Sani Daura: Ka dai tuna ₦1,800 ɗin nan ba kyauta ba ce. Ladan yankanka ne da dubawarka, da kuma kasadar cewa in kaya suka ɓaci kai za a kama. Masu ganin kamar an ci da gumin wani ba su lissafa wannan. Kuma kwastomominka na kullum fa? Ka faɗa masu tun yanzu sai bayan an koma makaranta, kada ka karɓi shaddar kowa.

Sai abu ɗaya da nake yi, na san Maman Khalifa ba za ta so shi ba. Kowane ɗauri da ya wuce dubawa ina biyan ₦1,700 a saiti nan take, in riƙe ₦300 sai makaranta ta karɓa. Domin in an dawo da gyara bayan mutum ya karɓe kuɗinshi duka, sai ka yi ta bin shi.

Maman Khalifa Ƙofar Kaura: Ai kuwa ban so ba Baba. Kai ka duba da idonka ka ce ya yi. In makaranta ta ce bai yi ba bayan nan, tsakaninka da ita ne. Me ya sa kuɗina zai zauna jiran wanda ban taɓa gani ba? In ka ga aibi ka maido mani a take, in gyara kyauta, wannan hakkinka ne. Amma wanda ya wuce ya wuce. ₦300 sau 120, ₦36,000 ne fa, a wurina kuɗi ne.

Malam Kabir Rafindaɗi: Salamu alaikum. Tunda magana ta zo nan. Hadisin ba ma'aikaci ladanshi kafin guminshi ya bushe sananne ne, to jinkirta lada bayan an gama aiki ba tare da an yi sharaɗi ba, babu kyau. Amma in tun farko an faɗa, an ce kaza yanzu kaza ranar kaza, ya yarda, to sharaɗi ne. Abin da zan ja kunne a kai, a sa rana sananniya. "Sai makaranta ta biya" ba rana ba ce.

Na biyu, Abdulhadi, a Risala an ce masu sana'a suna lamunin abin da suka keɓanta da shi na mutane. Wato yadin da ka kai wa tela ya tafi da shi shagonshi, in ya ɓata ko ya ƙone da dutsen guga, asali shi ke biya, sai in akwai shaidar cewa ba sakacinshi ba ne. Ku faɗi wannan a fili kafin a fara. Na uku, ka tambayi kanka: makarantar nan ta ba ka aikin ne bisa sharaɗin kai za ka ɗinka da hannunka? In haka ne, ba ka da damar ba wani sai da saninsu.

Nura Kat: Malam, in ya faɗa masu ai ya kashe kanshi. Za su ce ashe ₦2,000 ake ɗinkawa, su nemi ragi. Ko shi wanda aka ba ya zagaya ya same su baɗi ya karya farashi. An yi mani, na san zafinshi.

Malama Hadiza Layout: Malam Nura, babu mai hankalin da zai ɗauka mutum ɗaya zai ɗinka saiti 300 a sati biyar. Mun san ana rabawa. Abin da muke so mu ji shi ne wa za mu kira in an samu matsala. In ya ce ina da masu taya ni ɗinki amma ni ke yanka ni ke dubawa, wallahi hankalinmu ya fi kwanciya. Ba sai ya faɗi sunayensu ko nawa yake ba su ba. Wanda ke ɓata mana rai shi ne wanda za ka nuna wa riga ya ce ai ba ni na ɗinka wannan ba.

Baba Sani Daura: Maganar zagaye kuwa akwai ta, ba zan ce babu ba. Abin da zai rage ta: bajen makaranta kai ke ɗinka shi a ƙarshe, a shagonka, kuma kai kaɗai ke kai kaya. Katsina dai ba ta da girman da za a ɓoye, kalar yadi ma ta isa a gane. Amma wanda kake biya kan lokaci kana kawo mashi aiki duk shekara, da wuya ya sayar da wannan don kwangilar da ba ya da jarin ɗaukarta.

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai. Gobe zan koma makarantar.

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Salam. Ga yadda ake ciki. Kashi 70 sun ƙi, mun tsaya a 65, amma sun yarda da kai kaya kashi biyu, an rubuta an sa hannu. Na faɗa masu ina da masu taya ni, ko a jikinsu. Na gwada mutum uku. Ɗaya bai kawo ba sai da na bi shi, na sallame shi. Na riƙe na Sabuwar Unguwa da wata baiwar Allah a Ƙofar Sauri. Ɗaurin farko ya dawo jiya. Nata goma, tara sun wuce, ɗaya maɓalli ya kauce. Nashi kuwa da sauri ya kawo, wandunan babu abin cewa, amma riguna shida cikin goma in ka haɗa bakin kwala biyu sai ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar kwata na inci, kuma wuyan ya ɗan tattare ta baya. Ya ce daga yankana ne.

Baba Sani Daura: Mai sauƙin ganewa ne. Ɗauko kwala ɗaya daga ɗaurin da bai fita ba, ka ninka ta biyu. In bakunan sun haɗu, yankanka lafiya lau. Ina zargin daga gefe ɗaya yake fara kafawa ya bi har ƙarshe yana jan wuyan, shi ya sa abin da ya rage ke taruwa a baya. Ka ɗan tsaga alama da almakashi a tsakiyar kwala da tsakiyar wuyan baya, duk sauran ɗaurin, ka ce ya haɗa alamar da alama ya kafa fil kafin ya taka. Su shidan ya farke ya gyara. Kuma kada ka ba shi ɗauri biyu a lokaci ɗaya sai goma sun dawo maka lafiya sau biyu a jere. Bayan nan sai ka rage dubawa, ka riƙa zaro uku a goma, in ɗaya ya faɗi ka bi duka.

Nura Kat: Shida cikin goma? Na faɗa maku. Ka cire shi tun da wuri.

Maman Khalifa Ƙofar Kaura: A'a, kada ka cire shi. Kai da bakinka ka ce wandonshi ba laifi kuma yana da sauri. Ka bar mashi wando duka, ita ka ba ta riga duka. Kowa ya riƙe abu ɗaya hannunshi zai faɗa, kuma rigunan duk za su fito hannu ɗaya.

Baba Sani Daura: Wannan ta fi tawa. Sai dai ku sake zama kan kuɗi, don ₦2,000 ba za ta rabu dubu-dubu ba, riga ta fi wando aiki. Ni da ₦1,200 da ₦800 zan fara. Kuma ka lura, riga 240 a hannun mace ɗaya mai hidimar gida, ka tambaye ta nawa take iyawa a rana tsakani da Allah. In ba ta kai sha biyu ba, kai ka daina ɗinka wando, ka koma riga kawai ka cike giɓin.

Abdulhadi Ƙofar Marusa: Na kira ta, ta ce takwas, in da wuta tara. Shi kuma ya ce ₦800 ta yi kaɗan, ₦900 yake so, zan je mu yi magana da yamma. Maganar riƙe ₦300 ban yi ba tukuna, ita na biya ta duka jiya, shi kuma ban san yadda zan yi da shi ba.

Musbahu Batagarawa: To hijaban fa, wa aka ba? In ba a ba kowa ba ka yi mani hanya oga, yarana sun iya.

Malama Hadiza Layout: Ka bari ya kai 150 na farko tukuna Malam Musbahu.